Daga Telugu zuwa Hindi zuwa Hausa: tarihin ɗora murya bisa finafinan Indiya

1. Gabatarwa

Hausawa sun yi shekaru fiye da hamsin suna kallon finafinan Indiya ba tare da sun ji abin da ƴan wasan ke faɗi ba. Tun cikin shekarun 1950 ƴan kasuwa Kwarori, watau mutanen Labanan, suka fara shigo da su gidajen sinima na arewacin Nijeriya. A ƙasashen da Faransa ta mallaka kuwa, har da Nijar, kamfanoni biyu ne, COMACICO da SECMA, suka daɗe suna riƙe da rarraba finafinai. Sai cikin shekarun 2010 ne aka wayi gari jarumin Indiya ya buɗe baki yana Hausar Kano, ana jin sa a Maraɗi da Damagaram da Tawa da Yamai.

A cikin wannan takarda muna so mu bi sawun wannan canji ta hanyar darakta guda, S. S. Rajamouli, da ɗan wasa guda, Prabhas. Abin da muke son nunawa shi ne, muryar da aka ɗora da Hausa ba bisa harshen asali aka ɗora ta ba. Akwai wata fassara a tsakani, kuma wannan fassara ta tsakiya ita ce ta zaɓa wa Hausawa finafinan da za su gani, ita ce kuma ta shata iyakar abin da mai fassara zai iya yi da su.

2. Kallon da ba ya bukatar harshe

Kafin mu zo ga ɗora murya, ya kamata mu tambayi yadda aka yi aka zauna lafiya ba tare da ita ba. A Turai matsalar ta taso ne da zuwan fim mai magana cikin 1927. Da farko sai aka riƙa sake ɗaukar fim guda da ƴan wasa daban-daban, kowane rukuni da harshensa, kamar yadda kamfanin Paramount ya yi a Joinville kusa da Paris daga 1930. Tsadar wannan hanya ta sa ba a daɗe ba aka bar ta aka koma ga abin da Faransawa ke kira dubulaj: a bar hoto yadda yake, a cire murya, a sa wata. Shi ya sa ɗan Nijar da ya shiga sinima ya saba ganin kaboyin Amirka yana Faransanci, ko da shi kansa bai taɓa shiga lakwal ba.

Finafinan Bombay ba su bi wannan hanya zuwa wurinmu ba. Sun zo da Hindinsu, wani lokaci da rubutu a ƙasan allo da Ingilishi ko Faransanci ko Larabci, wanda mafi yawan ƴan kallo ba su karanta shi. Duk da haka an fahimce su, domin irin labarin da suke bayarwa a fuska yake: auren dole, uwa mai haƙuri, ƴan uwa da suka ɓace wa juna, mai kuɗi azzalumi. Fim kamar Mother India na 1957 an maimaita kallonsa har mutane sun san abin da zai faru kafin ya faru. Brian Larkin, wanda ya yi bincike a Kano cikin shekarun 1990, ya kawo sunayen da Hausawa suka laƙaba wa ƴan wasan: Dharmendra shi ne Sarkin Ƙarfi, Sanjay Dutt kuwa Ɗan Daba Mai Lasin. A wurinmu wannan laƙabi shi ne fassarar farko. Ta biyu ita ce ta bakin wanda ya riga ya ga fim sau biyar, ya zauna kusa da kai yana gaya maka abin da ake cewa, rabi ji rabi ƙage. A Uganda da Tanzaniya wannan mai ba da labari ya zama sana'a, har ana ɗaukar muryarsa a ɗora bisa kaset. A ƙasar Hausa kuwa hanyar da aka bi dabam ce: daga Turmin Danya na 1990, masu shirya finafinan bidiyo na Kano suka riƙa yin nasu, da yawa kuma suka ari labari da rawa da waƙa daga Indiya suka sake wasa da su da ƴan wasan Hausa. In an lura, wannan ita ce hanyar Joinville, sai dai ba mai fim ɗin ne ya biya ba.

3. Fassarar da ke tsakani

Indiya ba masana'antar fim guda gare ta ba. Bayan ta Bombay mai Hindi, akwai ta Telugu a Hyderabad, da ta Tamil a Chennai, da wasu. Mutumin arewacin Indiya ba ya jin Telugu, kamar yadda Bahaushe ba ya jin Bambara. Harsunan ma ba danginsu ɗaya ba. Cikin shekarun 2000 wasu ƴan kasuwa, wanda aka fi sani cikinsu shi ne Manish Shah mai kamfanin Goldmines, suka riƙa sayen izinin fassara finafinan kudu zuwa Hindi da araha, suna sayar da su ga tashoshin talabijin masu neman abin cika lokaci, daga baya kuma suna zuba su a YouTube. Abin da suka fi saye shi ne finafinan faɗa, domin su ne ba su asara sosai in an canza musu harshe da suna.

Ta wannan ƙofa Chatrapathi, fim ɗin da Rajamouli ya yi da Prabhas da Telugu cikin 2005, ya fito da Hindi da sunan Hukumat Ki Jung. Binciken Abdalla Uba Adamu na Jami'ar Bayero ya nuna cewa wannan fim yana cikin na farko da ɗakin ɗaukar murya na Algaita da ke Kano ya mayar da Hausa, wajen 2012, da sunan Yaƙi da Rashin Adalci. Daga nan sana'ar da ake kira Indiya-Hausa ta bunƙasa, wasu ɗakunan suka biyo baya, har sunan Algaita ya zama kamar sunan sana'ar baki ɗaya.

Dalilin da ya sa aka bi ta Hindi ba ɓoyayye ba ne. Shekarun da aka yi ana kallon Bombay sun haifar da samari a Kano da suka koyi Hindi da kunne, daga fim da waƙa, amma ba su haifar da masu jin Telugu ba. Saboda haka fim ɗin kudu ba ya isowa Hausa sai in wani a Indiya ya riga ya ga riba cikin mayar da shi Hindi. Sakamakon da ya biyo baya babba ne dangance da ɗanɗanon ƴan kallo. Iyayenmu sun san Indiya ta soyayya da waƙa. Ƙannenmu sun san Indiya ta su Prabhas da Allu Arjun da Vijay, inda mutum guda ke watsa talatin. Ana yawan cewa zamani ne ya canza. Mu dai muna ganin rumbun da mai fassara ke ɗiba ne ya canza, kuma ba shi ya cika rumbun ba.

4. Baahubali: hanya biyu ta buɗe kasuwa ta biyu

Shekara goma bayan Chatrapathi, waɗannan mutane biyu suka fito da Baahubali: The Beginning ranar 10 ga Yuli 2015. An ɗauke shi da Telugu da Tamil, aka ɗora masa murya da Hindi da Malayalam. Wannan karo ba a jira fim ya tsufa aka sayar da ragowarsa ga talabijin ba. An shirya fassarar Hindi tun kafin fitowa, kamfanin Dharma na Karan Johar ya ɗauki nauyin gabatar da ita a arewa, marubucin waƙoƙi Manoj Muntashir ya tsara maganganun, ɗan wasa Sharad Kelkar ya ba Prabhas murya, aka saki fassarar rana guda da ta asali. Ita kaɗai ta samo sama da rupi miliyar 1, abin da wani fim ɗin da aka ɗora wa muryar Hindi bai taɓa yi ba kafin nan. Kashi na biyu, wanda ya fito ranar 28 ga Afrilu 2017, fassararsa ta Hindi ta wuce rupi miliyar 5 cikin Indiya.

Baahubali ya iso Hausa shi ma, kuma ya karɓu ƙwarai. Amma yanayin aikin ba ɗaya ba ne, kuma bambancin ana jin sa da kunne.

Sautin fim ba abu guda ba ne. A ɗakin haɗawa ana ajiye shi kashi uku: maganar ƴan wasa, kiɗa, da sauran ƙararraki irin su takun doki, ƙarar takobi, ruwa, iska. Wanda ya sayi izinin fassara ana ba shi kiɗa da ƙararraki ba tare da magana ba, tare da rubutun maganganun da lokacin da kowace ke farawa da ƙarewa. Aikinsa shi ne ya cika gurbin da aka bar masa. Haka aka yi Hindin Baahubali. Wanda kuwa ya samo fim daga faifai ko daga yanar gizo, abin da ke hannunsa tuwo ne da aka riga aka zuba wa miya: in ya kashe maganar, ya kashe kiɗan da ke ƙarƙashinta.

Dabarun fita daga wannan kaɗan ne, kuma kowace tana barin tabo. In an yi sa'a kwafin yana da sauti mai hanya shida irin na faifan DVD, mafi yawan magana tana cikin hanyar tsakiya, sai a cire ta a bar biyar. Amma ba magana kaɗai ke zaune a tsakiya ba. Takun ƙafa da motsin tufafi da buɗe ƙofa sukan tafi tare da ita, sai a ga mutum yana tafiya bisa dutse ba a jin sawunsa. In sautin mai hanya biyu ne, sai a rage shi duk lokacin da za a yi magana, a ɗaga shi in an gama. Mai saurare zai ji kiɗa yana nutsewa yana tasowa, wani lokaci kuma ya ji gutsuren Hindi yana leƙowa a ƙarshen jimla. Dabara ta uku ita ce a share sautin wurin gaba ɗaya a sa kiɗan da aka aro daga wani fim. Alamar da ta fi saurin tona asiri ita ce taron jama'a. Baahubali cike yake da wuraren da dubban mutane ke kiran sunan jarumi ko suke ihu a fagen yaƙi, ɗakin da ke da mutum biyar ko shida kuwa ba zai iya sake wannan ba, sai ya bar shi yadda ya same shi. Waƙoƙi ma haka ake barin su, ko a yanke.

Akwai kuma wata matsala ta lissafi da ta daɗe tana damun masu wannan aiki. Fim na sinima yana gudu da hoto 24 cikin daƙiƙa, watau sakan guda. Talabijin ɗin ƙasashenmu kuwa da 25 yake gudu. Fim mai minti 150 a sinima yana komawa minti 144 a kwafin talabijin. In aka ɗauki murya bisa kwafi guda aka ɗora ta bisa ɗayan, a minti na farko kawai za ta sha bamban da baki da kusan sakan biyu da rabi, kafin ƙarshen fim kuma tazarar ta kai minti 6. Hanyar gane wannan ciwo ita ce tazarar tana ƙaruwa a hankali. In ba ta ƙaruwa, to wurin ɗorawa ne kawai aka kuskure, turawa gaba ko baya ya isa magani. (Waɗanda suka yi zamanin kaset za su tuna wata ƴar uwar wannan matsala: Nijeriya na bisa tsarin PAL, Nijar na bisa SECAM, sai kaset ya ƙetare iyaka ya fito baƙi da fari in na'urar ba mai karɓar tsari biyu ba ce.)

5. Baki da jimla

Mai ɗora murya ba ma'ana kaɗai yake fassarawa ba, har da lokaci. Jimlarsa dole ta fara inda bakin ɗan wasa ya buɗe, ta ƙare inda ya rufe, kuma in kamara ta matso kusa da fuska, dole wuraren da leɓɓa ke haɗuwa, wajen furta b da m da p, su dace da irinsu. A Faransa an daɗe ana amfani da wani zare na rubutu da ke gudu ƙarƙashin hoto, mai murya yana furta kowace gaɓa daidai lokacin da ta ƙetare wani layi. Inda babu wannan, sai mai murya ya saurari jimla da abin ji a kunne, ya maimaita ta da harshensa har sai ta zauna.

Bari mu gwada da tambayar da duk Indiya ta yi ta yi tsakanin 2015 da 2017, bayan kashi na farko ya ƙare da bawan sarki Kattappa ya soke ubangidansa. Ba cikin fim take ba, ta ƴan kallo ce, amma ta isa misali: Kattappa ne Bahubali ko kyon mara? Gaɓoɓinta 12. Da Hausa mukan ce: Don me Kattappa ya kashe Bahubali? Ita ma gaɓa 12, abin da ba kullum ake dacewa da shi ba. Amma tsarin ya sha bamban. Hindi yana ajiye aikatau a ƙarshe, jimlar ta ƙare da baki a buɗe bisa mara. Hausa tana sa aikatau a tsakiya, ta ƙare da li, baki a miƙe. In muka juya muka ce: Kattappa, don me ya kashe Bahubali? sunan farko ya faɗa wurinsa, na biyu dai yana nan a makare. Abin da ya fi wannan nauyi shi ne, ɗan wasan da ke jinkirta aikatau yakan ajiye fushinsa ko hawayensa ga kalmar ƙarshe, Bahaushe kuwa ya riga ya faɗi kashe tun tsakiyar jimla. Gwanin fassara yakan sake gina maganar don abin da ke da zafi ya zo ƙarshe, misali ya ce: Bahubali fa, Kattappa, shi ka kashe? Sannan kada mu manta cewa leɓɓan da ke bisa allo ba Hindi suke yi ba. An riga an matse Hindin don ya shiga bakin Telugu, an zubar da abin da bai shiga ba. Mai Hausa yana matse abin da aka riga aka matse.

Kunne ma yana da tarkonsa. Wannan ne da ke bayan Kattappa ba ne ɗinmu ba ne, alama ce ta wanda ya aikata. Haka kuma a cikin fim ɗin yarima Bahubali yana kiran Kattappa mama. Ga Bahaushe mama uwa ce. A Telugu da Hindi kuwa ɗan uwan uwa ne, watau kawu. A nan Hausa ta fi Faransanci sa'a, domin tana da kalmar da ta raba kawu da baffa, kuma tana da al'adar kiran babban da ba dangi ba da sunan dangi don girmamawa. Duk zafin kisan yana cikin wannan kalma: ɗan sarki ya ɗaga bawan gidansu ya mai da shi kawu, kawun ne kuma aka umarta ya kashe shi. Wanda ya fassara ta da baba ko tsoho bai yi ƙarya ba, amma ya rage wa wuƙar kaifi.

Sarauta ma tana da inda ta dace da inda ta ƙi. Rikicin Bahubali da Bhallaladeva, ɗan wa da ɗan ƙane masu neman gadon sarauta guda, ba ya bukatar bayani a ƙasar da ta san ƴan ubanci. Bawan sarki mai riƙe da makamai kuma, wanda amanarsa ga gadon sarauta take ba ga mutum ba, tarihin fadodinmu ya san shi. Amma Sivagami, matar da ta riƙe mulki ta kuma shayar da yaran biyu, wace sarauta za a ba ta? Bakano zai ce Mai Babban Ɗaki, mutumin Damagaram zai tuna Magira, na Maraɗi Iya, Bagobiri Inna, kuma ba ɗaya cikinsu da ta yi daidai da macen da ke zaune bisa karaga tana yanke hukunci. Mai fassara a Kano zai zaɓi abin da Kano ta sani, ko ya tsaya ga sarauniya. Masu kallo na kudancin Nijar sun saba da wannan tun zamanin finafinan Kano, har yaranmu na cewa fita da tafi a bakin wasa alhali a gida hita da tahi suke ji.

Wuri mafi wuya shi ne addini. A farkon fim jarumi yana tumɓuke dutsen bautar Shiva ya ɗauke shi bisa kafaɗa ya kai shi ƙarƙashin ruwan da ke zubowa daga tsauni, don ya hutar da uwar riƙonsa ɗibar ruwa. Lokacin da ba a jin harshe, ɗan kallo Musulmi yana iya kau da kai ya ce al'adarsu ce. Da aka sa Hausa, dole a zaɓi kalma. In aka ce Allah, an sa sunansa bisa abin da ido ke gani dutse ne. In aka ce gunki, an sa wa mai bauta kalmar da ba zai taɓa faɗi ba. Abin bauta ya fi tsira, sai dai gaɓoɓinsa huɗu ne, ba kullum baki ke ba da wurinsu ba. Yankewa kuma tana ɓata labari, domin wannan wurin ne ke fara nuna ƙarfin jarumin.

6. Wa ya ci kasuwar?

A Indiya, kuɗin fassarar Hindi sun koma ga waɗanda suka yi fim ɗin da abokan cinikinsu, har abin ya canza yadda ake tsara manyan finafinan kudu: RRR na Rajamouli, cikin 2022, da harsuna biyar ya fito lokaci guda. A ƙasar Hausa kuwa kasuwa ta biyu ta buɗe ne ba da shirin mai kayan ba. Ribar farko ta shiga hannun masu fassara da masu buga faifai, domin kuɗin da suka kashe na ɗaki da muryoyi ne kawai, alhali hoton da suke sayarwa an kashe masa abin da duk masana'antar Kano ba ta taɓa kashe wa fim guda ba. Masu shirya finafinan Hausa sun koka ƙwarai da wannan gasa, musamman da ta haɗu da matsin tattalin arzikin Nijeriya na 2016 da mutuwar kasuwar faifai. Muna ganin kukansu yana da hujja, ko da yake shekaru ashirin kafin nan su ma daga wannan rijiya suka sha.

Su masu fassarar ma ba su daɗe suna cin ribar su kaɗai ba. Da faifai ya ba da wuri ga katin waya, sai masu tura finafinai a rumfunan kasuwa suka riƙa kwafe aikin ɗaki guda su zuba wa mutum ɗari a yini, daga Kano zuwa Ɗan Isa zuwa Maraɗi, ba tare da ko dala ta koma ga wanda ya yi muryar ba. Abin da ya rage wa ɗakin shi ne ya riƙa faɗin sunansa cikin fim ɗin kansa, ya liƙa tambarinsa bisa hoto, ya sa tallar ƴan kasuwa a tsakiya. A YouTube kuma na'urar gane mallaka tana duba hoto da kiɗa, ba ruwanta da harshen da aka ɗora, saboda haka mai izinin asali yana iya toshe fassarar ko ya karɓi kuɗin tallar da ke kanta. Tashoshi irin su Arewa24, wadda ta fara aiki cikin 2014, da StarTimes, sun bi ta hanyar sayen izini suna ɗora Hausa bisa shirye-shiryen ƙetare, kuma mai kunne zai lura cewa a can kiɗa ba ya nutsewa in an fara magana.